Ƙararrawar Ruwan Sama da Ba Ta San Ruwan Sama Ba

Duk wanda ya taɓa halartar bajekolin kimiyya na makarantun sakandare ya san yadda abin yake gudana. Ɗalibai suna tsaye a bayan tebura, kowane da 'yar na'urarsa: wannan ƙararrawar kama ɓarawo, wancan fitilar da ke kunna kanta idan duhu ya yi, ga kuma mai sanar da saukar ruwan sama. Alƙalai su iso, ɗalibi ya ɗiga ruwa daga kofi a kan farantin na'urar, ƙara ta tashi, a tafa, a ba da maki. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko na'urar za ta yi wannan ƙarar idan aka fitar da ita tsakar gida cikin watan Agusta. Sau da yawa ba za ta yi ba, kuma dalilin rashin yinta ya fi na'urar kanta daraja a wajen koyo.

Ra'ayina shi ne muna auna waɗannan ayyuka da ma'aunin da bai dace ba. Muna ba da lada ga na'urar da ta yi aiki na minti ɗaya a gaban baƙi, alhali abin da ya cancanci lada shi ne ɗalibin da zai iya auna abin da ke gudana a cikinta, ya faɗi dalili, ya kuma gano inda ta lalace idan ta yi shiru. Zan kafa hujja da misali guda, wato ƙararrawar ruwan sama mai taranzista, domin tana da sauƙin da mai karatu zai bi lissafinta ko da rabonsa da ajin kimiyya shekara ashirin ne.

Abin da ke cikin na'urar

Kayan haɗin kaɗan ne: batir mai bolt 9, taranzista mai lamba BC547, rasista mai kilo-om 10, 'yar baza mai ƙara, da farantin da ruwa zai sauka a kansa. Farantin wayoyi biyu ne tsirara, a shimfiɗe kusa da juna kamar haƙoran mataji biyu da aka sarƙa, da tazarar milimita ɗaya zuwa biyu a tsakaninsu, ba tare da sun taɓa juna ba. Muddin farantin a bushe yake, hanya a yanke take. Idan ɗigon ruwa ya faɗa tsakanin wayoyin, sai ya zama gada, lantarki ya samu wurin ƙetarewa.

Matsalar ita ce lantarkin da ke iya ƙetare ɗigon ruwa ƙanƙani ne ƙwarai, ba zai iya tayar da baza shi kaɗai ba. Nan ne aikin taranzista. Tana da ƙafafu uku, waɗanda ake yi wa alama da C, B da E. Ɗan lantarkin da ya shiga ta ƙafar B shi ke buɗe ƙofa ga babban lantarki ya gudana daga C zuwa E, kamar yadda yaro ƙarami ke iya murɗa kan famfo ya saki ruwan da ya fi ƙarfin ɗaukarsa. Ana haɗa bazar tsakanin kan batir mai alamar tarawa da ƙafar C, a haɗa E da kan batir mai alamar ɗebewa, sannan a bi da lantarki daga kan tarawa ta cikin farantin da rasista zuwa ƙafar B.

Abubuwa biyu kawai mai karatu ke bukatar riƙewa game da wannan taranzista. Na farko, ba ta buɗewa sai matsin da ke tsakanin B da E ya kai wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. Na biyu, tana ninka lantarkin da ya shiga B sau ɗari da wani abu zuwa ɗaruruwa, gwargwadon rukuninta. Mu ɗauki 200 domin lissafi. Rasistar nan kuwa mai gadi ce. Idan ƙusa ko guntun waya ya faɗa kan farantin ya haɗe wayoyin biyu, ita ce za ta taƙaita lantarkin da zai afka wa ƙafar B zuwa ƙasa da miliamfa ɗaya. Ɗalibin da ya cire ta saboda ya ga na'urar ta fi ƙara idan babu ita, ranar da farantin ya haɗe zai ƙone taranzistarsa.

Lissafin da ke tona asiri

Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ce makamin aikin gaba ɗaya: yawan lantarkin da ke gudana daidai yake da matsi a raba da turjiya, wato I = V / R. Mu ƙaddara bazarmu tana bukatar miliamfa 20 kafin ta yi ƙara sosai. Tun da taranzista na ninkawa sau 200, ƙafar B na bukatar aƙalla miliamfa 0.1. Batir na ba da bolt 9, taranzista ta riƙe 0.7, saura 8.3. Idan aka raba 8.3 da miliamfa 0.1 za a samu kilo-om 83. Ma'anar wannan adadi a fili take: idan turjiyar ɗigon ruwa da ta rasista, a haɗe, suka wuce kilo-om 83, bazar ba za ta samu abin da take bukata ba.

To, nawa ne turjiyar ɗigon ruwa? Amsar ta dogara da irin ruwan. Ruwa tsantsa kusan ba ya ɗaukar lantarki. Gishirin da ya narke a cikinsa ne ke ɗauka. Ruwan rijiya da na burtsatse sun ratsa ƙasa da duwatsu, sun kwaso ma'adinai masu yawa. Ruwan sama kuwa tururi ne da ya taru ya dawo, don haka abin da ke narke a cikinsa kaɗan ne, kuma ya kan gaza ruwan rijiya ɗaukar lantarki ninki goma ko fiye.

Mu ƙaddara ɗalibi ya ɗora mita a kan farantinsa, ya samu kilo-om 20 da ruwan rijiya, ya samu kilo-om 300 da ruwan sama da ya tara a roba mai tsabta. Da ruwan rijiya, jimillar turjiya kilo-om 30 ce, lantarkin da ke shiga B ya kai wajen miliamfa 0.28, wanda idan aka ninka sau 200 ya haura 50. Baza ta samu fiye da bukatarta, sai ta cika ɗaki da ƙara. Da ruwan sama, jimillar ta zama kilo-om 310, abin da ke shiga B bai kai miliamfa 0.03 ba, ninkinsa kuma bai wuce miliamfa 5 da 'yan kai ba. Baza ta samu kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take nema, sai ta yi ɗan nishi ko ta yi gum.

Wannan ita ce na'urar da ta ci maki a bajekoli. An gwada ta da ruwan da ke cikin tulun makaranta, wani lokaci ma an ɗan barbaɗa gishiri domin kada a ji kunya a gaban baƙi. Sunanta ƙararrawar ruwan sama, amma ba ta taɓa gamuwa da ruwan sama ba. Kuma akwai wani abin da ke ƙara rufe asirin: ruwan farkon damina yana wanke ƙurar da ta daɗe a iska da kan farantin, don haka ya fi ɗaukar lantarki. Na'urar na iya yin ƙara a ruwan farko, sannan ta kurumce a tsakiyar damina, lokacin da sama ta wanke tas.

Gyara, da abin da gyaran ke haifarwa

Magani na farko ba ya cin ko kwabo: a matso da wayoyin farantin kusa da juna, a ƙara yawan haƙoransu, domin ɗigo ɗaya ya taɓa wurare da yawa, turjiya ta sauka. Magani na biyu shi ne a ƙara taranzista ta biyu, a haɗa ƙafar E ta farko da ƙafar B ta biyu, a haɗe ƙafafunsu na C wuri guda. Wannan haɗi ana kiran sa da sunan Sidney Darlington, injiniyan da ya ƙirƙiro shi. Ta farko ta ninka, ta biyu ta ninka abin da aka ninka, sai 200 sau 200 ya zama 40,000. Farashin da ake biya shi ne matsin buɗewa ya tashi zuwa wajen bolt 1.2.

Yanzu na'urar tana jin ruwan sama, amma ta shiga wata sabuwar matsala, domin tana jin komai. Raɓar asuba ta sauka, ta yi ƙara. Ƙura ta kwanta a kan farantin ta sha laima, ta yi ƙara. Yatsa mai gumi ya taɓa, ta yi ƙara. Mai gidan da aka tayar sau uku cikin dare babu ko ɗigo, a karo na huɗu zai zare batir ya kwanta, kuma a daren ne ruwan zai zo.

Abin da ke warware wannan rasista ɗaya ce, mai kilo-om 100, da ake ɗaurawa daga ƙafar B ta taranzistar farko zuwa kan batir mai alamar ɗebewa. Aikinta kamar ɗan rami ne a gindin bokiti: duk abin da ke shigowa a hankali yana zurarewa ta nan, sai abin da ya fi ƙarfin ramin ne ke taruwa. Kafin matsi ya kai bolt 1.2 a kanta, dole lantarkin da ke shigowa ya kai miliamfa 0.012. Idan aka raba bolt 7.8 da suka rage da wannan adadi, za a samu kilo-om 650. Ke nan an kafa iyaka: duk jiƙar da turjiyarta ta gaza wajen kilo-om 650 za ta tayar da ƙara, duk wadda ta haura za a yi biris da ita. Ruwan samanmu mai kilo-om 300 ya faɗa ciki, laimar ƙura kuwa, wadda turjiyarta ta fi haka nesa, ta tsaya waje. Idan aka sa rasista mai murɗawa a wannan gurbi, ɗalibi na iya matsar da iyakar da hannunsa har ya dace da tsakar gidansu.

Ɗalibin da ya iso wannan mataki ya koyi abin da injiniyoyi ke fama da shi a kowace na'urar gargaɗi, daga mai gano hayaƙi har zuwa gwajin cuta a asibiti: duk lokacin da aka ƙara wa na'ura kaifin ji, an ƙara mata yawan ƙarya, kuma dole wani ya zaɓi inda iyaka za ta tsaya. Ba a koyon wannan daga na'urar da ta yi aiki a gwajin farko.

Saura abubuwa biyu da sai an bar na'urar a waje na makonni suke bayyana. Lantarkin da ke bin hanya ɗaya ta cikin ruwa yana cinye ƙarfe a hankali, don haka wayar tagullar da ke gefen tarawa za ta fara yin kore, ta sirance, wata rana ta yanke. Wayar bakin ƙarfe marar tsatsa, ko bakin fensir, sun fi jurewa. Na biyu shi ne abin da aka shimfiɗa wayoyin a kai. Katako da kwali suna shan ruwa su riƙe, sai ƙara ta ƙi tsayawa bayan an ɗauke ruwa. Roba ta fi, kuma a karkata ta domin ɗigo ya gangara.

Idan ta yi shiru

A nan ake bambance wanda ya gina da wanda ya kwafa. Wanda ya kwafa, idan na'ura ta ƙi, sai ya tsinke komai ya sake haɗawa yana fatan sa'a. Wanda ya fahimta sai ya ɗauki mita ya bi hanyar lantarki daki-daki.

Zai fara da batir, ya auna shi yayin da na'urar ke ƙoƙarin yin aiki, domin batirin da ya gaji yana iya nuna bolt 9 idan babu kaya a kansa, ya faɗi warwas da zarar an ɗora masa. Sannan ya haɗe wayoyin farantin da guntun waya, abin da rasistar gadi ta sa ba shi da haɗari. Idan ƙara ta tashi, laifin yana farantin ko ruwan. Idan ba ta tashi ba, ya auna tsakanin B da E. A na'ura mai taranzista ɗaya, sifili na nufin lantarki bai iso ba, akwai yankewa a baya. Idan ya ga wajen 0.7, ƙofa ta samu umarni, sai ya auna tsakanin C da E. Adadi ƙarami, kamar bolt 0.2, yana nufin taranzista ta buɗe, don haka laifin na baza ne: ko an juya ƙafafunta, ko an sayo irin wadda ba ta da abin kaɗawa a cikinta, wadda sai dai ta yi ƙas sau ɗaya ta yi shiru. Adadi babba, kusa da na batir, yana nufin ƙofa ba ta buɗe ba, sai a zargi taranzistar.

Laifin da ya fi yawa a nan shi ne juya ƙafafu. Idan aka fuskanci gefen BC547 mai faɗi, ƙafafu suna kallon ƙasa, jerinsu daga hagu C, B, E ne. Amma 2N3904, wadda kamanninta ɗaya ne da ita, jerinta E, B, C ne, ita kuma C945 jerinta E, C, B. Mai shago a kasuwa ya kan miƙa wadda yake da ita ya ce duk ɗaya ne, kuma ta fuskar aiki bai yi nisa da gaskiya ba. Ɗalibin da bai karanta lambar da ke jikin abin da aka ba shi ba zai soka ta yadda zane ya nuna, ya kwana yana mamaki.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce zamani ya wuce taranzista guda, yara su fara da Arduino, allon da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, wanda ake sarrafawa da rubutun umarni. Ba ni da ja da koyon sa, kuma a nan gaba ɗalibin zai bukace shi. Amma a wannan aikin musamman, a duba abin da ake saye. Allon Arduino Uno yana shan wajen miliamfa 45 zuwa 50 ko da yana zaune yana jira. Batir mai bolt 9 mai kyau yana ɗauke da wajen miliamfa 500 na awa ɗaya, don haka zai ƙare cikin awa goma ko kusa da haka, kafin hadari ya haɗu ma. Na'urarmu mai taranzista kusan ba ta shan komai muddin farantin a bushe yake, tana iya jiran ruwa wata da watanni. Sannan farantin da ake sayarwa tare da Arduino yana ɗauke da matsalolin nan duka, na iyaka da na cin ƙarfe, sai dai an ɓoye su a ƙarƙashin wani ɗan abin murɗawa da ɗalibi ke juyawa ba tare da sanin abin da yake canzawa ba.

Za a kuma ce malamai ba su da lokaci, makarantu ba su da kuɗi, aji ɗaya ya haura ɗalibi saba'in. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin a rage yawan ayyukan a zurfafa guda. Aiki ɗaya da aka bi tsawon zango, daga ginawa zuwa aunawa zuwa gyarawa, ya fi biyar da aka harhaɗa a makon bajekoli. Abin da ya fi tsada a cikin duk abin da na lissafa shi ne mita, kuma guda ɗaya ta ishi rukunin ɗalibai biyar ko shida shekara da shekaru. Ba kuma ɓata lokacin jarrabawa ba ne, domin gwajin aikin hannu na fiziks a WAEC da NECO ya saba ƙunsar tambayar lantarki, inda ake auna matsi da gudu a zana jadawali. Wanda ya auna turjiyar ruwa iri huɗu da hannunsa ba zai firgita da wannan ba.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi: na'urar ba ta da wani amfani sosai, tun da hadarin arewa ya kan zo da iska da ƙura da rugugi, kowa ya san yana tafe. Haka ne, kuma ƙararrawar ba ta hasashe, sai ɗigo ya sauka take magana. Amfaninta yana ga ruwan dare mai zuwa a sace, lokacin da aka bar shanyar barkono ko shinkafar da aka turara a waje, mutane kuma sun yi barci. 'Yan mintocin da za ta bayar na iya ceton wani abu, ba duka ba. Ɗalibin da zai iya faɗin wannan iyaka da bakinsa a gaban alƙalai ya fi wanda ya ce na'urarsa za ta kawo ƙarshen asarar manoma.

Yadda ya kamata a ba da maki

Shawarata ga masu shirya gasa, da malaman da ke kula da ƙungiyoyin kimiyya irin su JETS, abubuwa uku ne. A nemi littafin awo tare da na'urar, wanda ke nuna turjiyar ruwan rijiya, na leda, na sama, da na gishiri a kan farantin ɗalibin, da ranar da aka auna kowanne. Alƙali ya zo da ruwansa, ruwan sama da aka tara ko ruwan batir da ake sayarwa a shagunan kayan mota, wanda shi ma kusan babu gishiri a cikinsa, don haka gwaji ne mai tsanani. Sannan, ɗalibi ya juya baya, alƙali ya zare waya ɗaya ko ya juya taranzista, ya miƙa masa mita ya ba shi minti goma. Mafi yawan makin ya tafi nan.

Wannan tsari zai kashe kasuwar sayen aiki a wajen mai gyaran rediyo, domin abin da aka saya ba ya amsa tambaya. Zai kuma daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, tun da kyawun akwati da yawan fitilu ba za su ƙara komai ba. Iyaye ma suna da rawar takawa. Idan yaro ya zo neman kuɗin aikin makaranta, a saya masa mita da taranzista goma maimakon na'ura gamammiya, a bar shi ya ƙone biyu ko uku. Idan kuma ya kawo abin da ya gina yana murna, a yaba masa, sannan a tambaye shi da wane ruwa ya gwada, a ce ya ajiye ta a tsakar gida har ruwa na gaba ya sauka.